Gyara 31 Na Rubuta Masa, Ɗaya Ce Kawai Mai Haɗari: Yadda Ake Bitar Kod Ɗin Sabon Shiga

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta isa saurare ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar ta masu rubuta manhaja ce, amma ko ba ka taɓa rubuta layi ɗaya na kod ba, zauna, zan bi a hankali. Tambayar ita ce: ƙaninka a aiki ya kawo maka kod ka duba, ka ga kuskuren da ba zai yiwu a bari ya wuce ba. Ya za ka ce masa a'a, a'a ta gaske, ba tare da ka kashe masa gwiwa ba?

Zan fara da kuskurena, don ni na fara yin ɓarnar kafin na koya.

Ga waɗanda ba su sani ba, a aikin manhaja ba a barin mutum ya zuba abin da ya rubuta kai tsaye cikin babban aikin. Sai ya tura shi a matsayin buƙata, a GitHub sunanta `Pull request`, wani ya karanta layi-layi, ya bar sharhi a inda ya ga matsala. Idan ya gama sai ya zaɓi ɗaya cikin uku: `Comment` idan magana kawai ya yi, `Approve` idan ya amince, ko `Request changes` idan yana so a gyara kafin a haɗa. Wannan shi ne bitar kod.

Akwai wata 'yar manhaja da muke ginawa ta lissafin adashi, wadda uwar adashi za ta riƙa duba wa ya zuba, wa bai zuba ba, kwasar wa ce ta zo. An haɗa ni da wani yaro da bai daɗe da gama koyon Python ba. Yaro mai ƙoƙari, irin wanda zai kwana a kan abu har sai ya yi aiki. Aikinsa na farko mai girma shi ne ɓangaren neman mamba da suna. Ya yi kusan mako biyu a kai, ya turo, ya biyo ni da saƙo: "Yaya, na gama, don Allah a duba min."

Na zauna da daddare, a gajiye, na fara daga layin farko ina gangarawa. Duk abin da idona ya gani sai na rubuta. Nan tazara ta yi yawa. Nan sunan bai yi ba. Nan ka shigo da abin da ba ka yi amfani da shi ba. Kafin na ankara sharhi ya kai 31. A tsakiyarsu, wajen na goma sha tara, na ci karo da wannan:

```python
def nemo_mamba(cur, suna):
    try:
        sql = "SELECT * FROM mambobi WHERE suna = '" + suna + "'"
        return cur.execute(sql).fetchall()
    except:
        return []
```

Na san wannan babbar matsala ce. Amma a lokacin na riga na ji na yi masa yawa, sai kara ta kama ni. Kun san me na rubuta? "Nan ma wataƙila ka ɗan sake dubawa idan ka samu lokaci."

Bayan kwana biyu ya dawo da aikin. Ya gyara talatin ɗin nan tas, tazara ta daidaita, sunaye sun yi kyau. Wancan guda ɗayan bai taɓa shi ba. Kuma ba laifinsa ba ne, ni na ce "wataƙila", ni na ce "idan ka samu lokaci". Sannan daga ranar ya yi shiru. Yaron da ke damuna da tambaya safe da yamma ya koma "to Yaya" kawai.

Kun ga abin da na yi? Na tsananta a inda babu haɗari, na yi sanyi a inda haɗarin yake. Na kashe masa gwiwa, kuma ramin yana nan a buɗe. Abin da nake so ku riƙe a shirin yau ke nan: yawancin lokaci ba faɗin gaskiya ƙarara ke karya sabon shiga ba. Abin da ke karya shi shi ne tulin gyaran da bai san wanne ne babba ba, da kalaman da suka koma kansa maimakon kan aikin, da kuma a ce masa "bai yi ba" a bar shi bai san ta ina zai fara ba.

To bari mu fara da fahimtar matsalar kanta, don ba za ka iya tsayawa kan gyaran da kai ma ba za ka iya bayyana shi ba.

Wannan ɗan kod ɗin yana karɓar sunan da aka rubuta a akwatin bincike, ya liƙa shi cikin umarnin da za a aika wa rumbun bayanai. A yaren SQL, rubutu yana farawa da ɗan wakafin sama, ya ƙare da wani. Idan aka rubuta Musa, umarnin zai fita lafiya. Amma mu Hausawa sunayenmu cike suke da alhamza: Asma'u, Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u. Kuma a madannai, alamar da muke sa wa alhamza ita ce dai wannan wakafin. Idan aka nemi Asma'u, ga abin da rumbun zai gani:

```sql
SELECT * FROM mambobi WHERE suna = 'Asma'u'
```

Rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a Asma, sai ya ga wani `u` a gefe da bai san ma'anarsa ba, ya yi kuka da `syntax error`. A nan ne kuskure na biyu ya shigo. Wancan `except:` ɗin da ba a faɗi irin kuskuren da zai kama ba, yana haɗiye kowane irin kuka, ya dawo da jerin da babu komai a ciki. Wato uwar adashi za ta nemi Asma'u, manhaja ta ce babu mai wannan suna. Matar da ta yi wata shida tana zubi. Ku yi tunanin rigimar da za a yi a gidan.

Wannan ma mai sauƙin ne. Wanda ya san abin da yake yi zai rubuta `' OR '1'='1` a akwatin binciken. Umarnin zai koma "ba ni duk wanda sunansa fanko ne, ko kuma idan ɗaya daidai yake da ɗaya". Ɗaya kuwa kullum daidai yake da ɗaya, don haka rumbun zai zazzage masa mambobi gaba ɗaya, da lambobin wayarsu da abin da kowa ya zuba. Wannan shi ne harin cusa SQL, tsohon hari ne amma har yau yana cin mutane. A 2015 ta irin wannan ƙofar aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya aka kwashi bayanan kwastomomi kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci su tarar fam 400,000 a 2016.

To abu irin wannan ne na ce wa yaro "idan ka samu lokaci".

Da na gane ɓarnar da na yi, na koma na sake bitar daga farko. Ga yadda na yi, kuma haka nake yi har yau.

Na farko, na daina rubuta sharhi a karatun farko. Ina karanta aikin gaba ɗaya hannuna a naɗe, ina tambayar kaina abu ɗaya: idan aka haɗa wannan yau, me zai cutar da mai amfani da shi? Abin da ya amsa wannan tambayar shi ne "dole". Sauran duk ra'ayi ne ko kwalliya. A aikin yaron nan, cikin 31, dole guda biyu ne kacal, kuma duk a fankshin ɗaya suke: liƙa suna cikin umarni, da haɗiye kuskure.

Sai na riƙa sa wa kowane sharhi lakabi a farkonsa. "Dole" yana nufin ba zan amince ba sai an gyara. "Shawara" yana nufin ga yadda ni zan yi, amma zaɓi naka ne. "Tambaya" yana nufin ban gane ba, ka fahimtar da ni. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A ƙa'idojin bitar kod da Google suka wallafa a fili, suna sa `Nit:` a gaban ƙaramin gyaran da ba dole ba ne, kuma ma'auninsu shi ne a amince da aiki idan tabbas ya inganta lafiyar manhajar, ko da bai cika goma ba. Amfanin lakabin shi ne, ƙwararre yana iya kallon sharhi talatin ya gane wanne ne wuta wanne ne hayaƙi, sabon shiga kuwa duk nauyinsu ɗaya a idonsa. A wurinsa 31 na nufin "na yi kuskure sau 31".

Maganar tazara da jera layuka kuwa, na cire bakina daga ciki gaba ɗaya. Muka sa `black` yana daidaita tsarin rubutun, `flake8` yana kama irin su abin da aka shigo da shi ba a yi amfani da shi ba. Fiye da rabin sharhina na farko waɗannan biyun za su yi shi cikin daƙiƙa. Kuma ba wanda ke jin kunya don na'ura ta ce masa layinsa ya yi tsawo.

Na biyu, yadda ake rubuta "dole" ɗin kansa. A wurina sharhi mai tsauri yana da ƙafa huɗu: me na gani, me zai jawo, ta yaya za ka gani da idonka, sannan ina mafita. Ga abin da na rubuta masa a karo na biyu:

"Dole: a nan ana liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL. Duk sunan da ke da alhamza zai karya umarnin, kuma wanda ya so zai iya fito da bayanan mambobi duka. Gwada da kanka: saka mamba mai suna Asma'u ka neme ta, sannan ka nemi `' OR '1'='1` ka ga abin da zai fito. Mafita ita ce a miƙa sunan daban ta hanyar `?`, kamar yadda aka yi a fayil ɗin zubi. Ba zan iya amincewa ba sai an gyara wannan. Idan ka gwada ka maƙale, kira ni mu duba tare."

Ku lura da abubuwa kaɗan a ciki. Babu "wataƙila", babu "ina ganin kamar". Na faɗa ƙarara cewa ba zai wuce ba, kuma na danna `Request changes`, ban ɓuya a bayan `Comment` ba. Amma kuma ku duba wa ake magana a kai. "A nan ana liƙa sunan", ba "ka liƙa sunan" ba, balle "ya za a yi ka yi wannan". Jimlar farko tana nuna layi, ta biyu tana nuna mutum. Wannan ba wasa da kalmomi ba ne. Idan aka nuna layi, mu biyu muna tsaye gefe ɗaya muna kallon matsala. Idan aka nuna mutum, dole ya fara kare kansa, wanda ke kare kansa kuwa ba ya koyo.

Ƙafa ta uku, wato "gwada da kanka", ita ce ta fi kowacce aiki. Idan na ce masa "wannan ba shi da tsaro", maganata ce kawai, ya yarda ne don na girme shi. Amma da ya rubuta Asma'u ya ga manhajarsa ta ce babu ita, ba ni ne na kayar da kod ɗin ba, kod ɗin ne ya faɗi a gabansa. Daga nan babu sauran jayayya tsakanina da shi, kuma ba zai manta ba.

Gyaran da ya yi bai wuce wannan ba:

```python
def nemo_mamba(cur, suna):
    sql = "SELECT * FROM mambobi WHERE suna = ?"
    return cur.execute(sql, (suna,)).fetchall()
```

Yanzu umarni daban, suna daban. Rumbun yana karɓar sunan a matsayin bayani zalla, komai aka rubuta a ciki ba zai zama umarni ba. `except:` ɗin ma ya tafi, idan wani abu ya lalace za mu ji kukansa. Sai na roƙe shi abu ɗaya: ya rubuta gwajin da zai saka Asma'u ya neme ta, domin ko bayan shekara wani ya dawo da tsohon salon, gwajin ya kama shi.

Ga wani abu da na hana kaina: ban rubuta masa gyaran ba. Minti biyu zai ɗauke ni, kuma wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma idan ka karɓe aikin ƙaninka ka gyara ka tura, saƙon da ya isa gare shi shi ne "ba za ka iya ba". Na nuna masa inda aka yi irinsa daidai a cikin aikinmu, na bar shi ya haɗa da kansa. Iyakar wannan ita ce idan wuta ta riga ta kama, misali ramin yana kan manhajar da mutane ke amfani da ita yanzu. A nan kam a toshe tukuna, a yi darasi daga baya.

Na uku, abin da ke faruwa idan ya musa. Kuma yaron nan ya musa, abin da ya faranta min rai, don alama ce ya fara dawowa. A hirarmu ta waya na ce masa ai da wannan ramin mutum zai iya share teburin mambobi gaba ɗaya. Ya je ya gwada, ya dawo ya ce: "Yaya, na gwada fa, bai yi ba. `execute` na `sqlite3` ba ya karɓar umarni biyu a lokaci ɗaya."

Gaskiyarsa. A nan na zuzuta. Na ce masa: "Ka yi daidai, ni na yi kuskure a wannan. Sharewa ta wannan hanyar ba za ta yiwu a nan ba. Amma karanta bayanan mutane yana yiwuwa, ka gani da idonka, kuma Asma'u tana ɓacewa. Don haka gyaran yana nan a dole."

Ku kula da wannan sosai. Tsayawa kan gyara daban, nacewa kan cewa duk abin da ka faɗa daidai ne daban. Na janye hujjar da ta faɗi, na riƙe wadda ta tsaya. Da na murɗe na ƙi amsa kuskurena, da na koya masa cewa bita gasar girma ce. Kuma darasi gare ni: kar ka ƙara wa matsala gishiri don ka tsorata yaro. Ranar da ya gano ka ƙara, sauran maganarka ma ta yi araha.

Akwai wata musun da za ku ji da yawa: "Ai yana aiki a kwamfutata", ko "Oga ya ce gobe za a nuna wa masu aikin, a bari daga baya na gyara." Amsar ta farko ita ce ka ba shi abin da zai shigar ya ga ya karye. Ta biyun kuwa, a nan lakabin nan ke ceton ka. Sai ka ce: duk shawarwarin nan a bar su, a buɗe musu `Issue` a yi su wani satin, amma dole biyun nan ba sa jiran gobe. Ka sassauta a inda za a iya, shi ya sa idan ka ƙi sassautawa a wuri ɗaya ake gane da dalili.

Na huɗu, yabo. Akwai salon da ake koya wa mutane, wai ka fara da yabo, ka cusa gyara a tsakiya, ka rufe da yabo. Ni ban cika son sa ba. Idan yabon na dole ne, yaro yana ganewa, har ya zama duk ranar da ka ce "ka yi ƙoƙari" gabansa ya faɗi, ya san mari na tafe. Wani kuma yabon kawai zai ji, gyaran ya wuce shi.

Abin da ke aiki shi ne yabon da ke da adireshi. A aikin yaron nan akwai wurin da ya yi tunanin abin da ni ban yi ba: idan mutum biyu suna da suna ɗaya, ba ya ɗaukar na farko kawai, yana dawo da su duka a zaɓa. A adashin da za ka samu Fatima uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na rubuta a kan layin: "Wannan ya yi. Da na farko kawai aka ɗauka, da an rubuta zubin wata a sunan wata." Wannan yabon bayani ne, yana gaya masa abin da zai ci gaba da yi. Kuma don ya ga na lura da daidai ɗinsa dalla-dalla, ya fi yarda cewa kuskuren ma da gaske na gani.

Yanzu maganar da ta shafe mu kai tsaye. Mun taso da kara da kunya. Ƙarami ba ya ce wa babba "ban gane ba" sau biyu, "to" yake cewa. Babba kuma yana jin nauyin ya ce wa ƙarami "wannan bai yi ba", sai ya yi hannunka mai sanda. A zaman gida wannan tarbiyya ce. A bitar kod kuwa, hannunka mai sanda shi ne ya haifi "idan ka samu lokaci". Saboda haka ni ba na karɓar "to" a matsayin amsar "dole". Ina cewa: "Faɗa min da bakinka, me zai faru idan aka nemi Mu'azu?" Idan ya iya bayyanawa, ya gane. Idan ya yi shiru, bayanina ne bai isa ba, sai na sake.

Sannan rubutu ba shi da murya. "Me ya sa ka yi haka?" a baki tana iya zama tambaya, a rubuce kuwa tuhuma ce. Idan da gaske tambaya nake, sai na rubuta: "Tambaya: akwai dalilin da ya sa aka kama duk kurakurai a nan? Wataƙila akwai abin da ban gani ba." Da na tambayi yaron nan haka, ya ce manhajar ce take ta mutuwa idan ya gwada wasu sunaye, shi ne ya sa `except:` don ta daina. Kun ga ashe ya ga alamar cutar tun farko, maganin ne ya kuskure. Ƙa'idata kuma ita ce, idan muka yi musayar sharhi sau biyu a kan abu ɗaya ba mu daidaita ba, sai na kira shi. Minti goma a waya ya fi sharhi ashirin. Bayan mun gama sai a rubuta abin da aka cimma a ƙarƙashin sharhin, don wanda zai zo daga baya.

Wani ɓangaren laifin kuma tun kafin bita aka yi shi. Na bar yaro mako biyu shi kaɗai, ya turo layi kusan 900 a dunƙule. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco ya nuna cewa mai bita ya fi kama kurakurai idan abin da yake dubawa bai wuce layi 200 zuwa 400 a zama ɗaya ba. Ban da gajiyar mai dubawa, akwai ta mai rubutawa: wanda aka ce ya sauya hanya bayan kwana biyu ba ya jin zafin wanda aka gaya wa bayan mako biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu ina ce masa ya turo da wuri a matsayin `Draft`, ko bai gama ba. Ni kuma ba na barin aikinsa ya wuce kwana ɗaya na aiki ban ce komai ba, don shirun babba a kunnen ƙarami yana nufin "abin ya yi muni har an rasa ta cewa".

Ta yaya za ka gane ka fara karya shi? Alamomin ba sa ɓuya. Tambayoyinsa za su ragu. Zai riƙa jinkirta turo aiki, idan ya turo kuma ya zo da girma, don yana tsoron zagayen bita. Zai karɓi kowace shawara ba musu, har wadda kai kanka ba ka tabbatar ba. Zai fara ba da haƙuri a kan kowane sharhi. Idan ka ga haka, maganin ba shi ne ka fara amincewa da aikin da bai yi ba. Ka rage yawan sharhi, ka ware dole daga shawara, ka kira shi ku zauna. Ni abin da na yi, na ce masa kai tsaye: "Bitar farkon nan ban yi ta daidai ba. Na cika ka da ƙananan abubuwa, na ɓoye babban." Sannan na tura masa nawa aikin ya duba. Ya samo min wurin da na manta ban rufe fayil ba, na gyara, na gode masa a wurin da kowa zai gani.

Idan kuma kuskuren ya dawo fa? Ya dawo kuwa. Bayan kamar wata ɗaya na sake ganin an liƙa lambar waya cikin umarni a wani fayil. Ban rubuta "na riga na gaya maka" ba, kuma ban yi kamar ban gani ba. Na sa "Dole", na ce irin na Asma'u ne. Sai na same shi mu biyu, ba a gurup ba, na ce: "Wannan karo na biyu ke nan. Kafin ka turo aiki, ka bincika duk inda `execute` ya fito, ka tabbata babu `+` ko `f"` a umarnin da ake ba shi." Kuskuren farko na rashin sani ne, bayani yake so. Na biyu na rashin al'ada ne, abin dubawa yake so. Idan ya kai na huɗu da na biyar bayan duk wannan, to maganar ta tashi daga kan kod, zama ne na daban, kuma ba a sharhin GitHub ake yin sa ba.

Kafin mu rufe, ƙannena masu tura aiki a duba, ku ma ga naku. `Request changes` ba kora ba ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan aka ba ku sharhi ba lakabi, ku tambaya: "Wanne ne dole a ciki?" Idan ba ku gane dalili ba, ku ce a nuna muku abin da za ku shigar ku ga matsalar. Haƙƙinku ne.

Yaron nan yana nan tare da mu. Kwanakin baya wata sabuwa ta shigo, na ga sharhin da ya bar mata a aikinta na farko. Ya fara da "Dole", ya bayyana dalili, ya ƙare da cewa ta saka Sa'adatu ta neme ta.

Nan za mu dakata a yau. Wanda aka taɓa yi wa bitar da ta kusa sa shi ajiye kwamfuta, ko wanda ya taɓa yin irin ɓarnata, ya ba mu labari, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa siniyan da kuka san yana buƙata. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.